Tawadar Allah a hoto: Yadda ake bayyana siffarta, gefenta da launinta ga likita

Tawadar Allah ɗigo ne baƙi ko ruwan ƙasa da ke fitowa a fatar ɗan Adam, a wurin da ƙwayoyin da ke samar da launin fata suka taru wuri guda maimakon su barbazu. Kusan kowa yana da ita, wani an haife shi da ita, wani kuma ta fito masa a ƙuruciya ko samartaka, kuma mafi yawanta ba ta da wata illa har ƙarshen rayuwa. Sai dai akwai wani nau'in sankarar fata da likitoci ke kira melanoma, wanda ke tasowa daga waɗannan ƙwayoyi na launi, kuma a farkonsa yakan yi kama da tawadar Allah har a kasa bambance su. Wannan kamanni ne ya sa likitocin fata suka tsara wani ɗan gajeren ma'auni na duba ɗigon, wanda aka fi sani da haruffan ABCDE.

A yau da wayar hannu ta shiga kowane gida, sau da yawa hoto ne ke fara isa ga ma'aikacin lafiya kafin mai ɗigon ya isa. Amma hoton da aka tura da rubutun “duba wannan” bai cika amfanar da kowa ba. Abin da ke amfani shi ne hoto mai kyau haɗe da bayani a tsare, wanda ya faɗi abin da ido ya gani, ya kuma ware abin da hoton ba zai iya nunawa ba. Aikin ma'aunin ke nan: yana ba mutum kalmomin siffanta ɗigo. Yanke hukuncin ko sankara ce ko ba ita ba ce yana hannun likita da ɗakin gwaji.

Asalin ma'aunin

Likitocin fata uku na Jami'ar New York da ke Amurka, wato Robert Friedman da Darrell Rigel da Alfred Kopf, su ne suka fito da ma'aunin a shekarar 1985. Manufarsu ita ce samar da abin da likitan da ba ƙwararren fata ba, har ma da mutumin gari, zai iya riƙewa a ka. A lokacin haruffa huɗu ne, kuma kowanne farkon wata kalmar Turanci ce. Harafin A yana nufin rashin daidaito tsakanin ɓangarorin ɗigon biyu, B yana nufin gefensa, C launinsa, D kuma faɗinsa. A shekarar 2004 aka ƙara harafi na biyar, E, wanda ke nufin sauyawa da tafiyar lokaci.

Haruffan ba su yi daidai ba wajen abin da hoto zai iya bayarwa. Hoto guda mai kyau yana nuna A da B sosai. Yana nuna C, amma da sharaɗin haske bai gurɓata launin ba. Ba ya nuna D sai an ajiye abin awo a gefen ɗigon, kuma ba ya nuna E ko kaɗan sai an samu hoto na biyu da aka ɗauka a wani lokaci dabam. Don haka haruffa ukun farko su ne ginshiƙin bayanin da ake yi daga hoto.

Hoton da za a iya dogara da shi

Kafin a siffanta ɗigo, sai an tabbatar hoton ba ya ƙarya. Ana wanke wurin a bar shi ya bushe, ba tare da shafa mai ko hoda ba, domin mai yana sa fata ta yi ƙyalli, ƙyallin kuma yakan fito a hoto kamar farin tabo a tsakiyar ɗigon. Haske mafi dacewa shi ne na rana wanda ya shigo ta taga ko na inuwar baranda. Hasken rana kai tsaye yana haifar da inuwa mai kaifi, fitilar waya tana wanke launi, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma yana mayar da ruwan ƙasa ya yi ja-ja. Ana kashe duk wani tsarin kwalliya da wayar ke yi wa hoto, domin an ƙera shi ne musamman don ya share tabo ya sumulce fata, wato ya goge ainihin abin da ake son gani.

Ana ɗaukar hotuna biyu. Na farko daga nesa, wanda zai nuna gaɓar da ɗigon yake da sauran ɗigon da ke kusa da shi. Na biyu daga kusa, kimanin santimita 10 zuwa 15, wayar tana fuskantar fatar sak ba a karkace ba. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin ɗigon da yake zagaye tsaf yakan fito kamar ƙwai idan an ɗauke shi a karkace, sai a ɗora masa laifin rashin daidaito alhali kuskuren na mai ɗauka ne. Ana taɓa fuskar wayar a daidai ɗigon don ta mayar da hankali a kansa. Alamar cewa hoton ya fito ita ce a iya ganin siraran layukan fata da ke kewaye da ɗigon idan an buɗa hoton. Idan layukan sun yi dishi-dishi, to gefen ɗigon ma zai yi dishi-dishi, kuma ba za a iya faɗin komai a kansa ba.

A hoton kusa ana kwantar da rula mai milimita a kan fatar, dab da ɗigon. Dole ta taɓa fatar, domin rular da aka ɗaga sama ta fi kusa da wayar, za ta fito da girma, sai ɗigon ya zama kamar ya fi ƙanƙanta. Yana da kyau a sa ɗan guntun farar takarda a gefe. Idan takardar ta fito fara a hoton, ana iya amincewa da launin ɗigon. Idan ta fito rawaya ko shuɗi-shuɗi, to haske ya rina komai, sai a sake. Wajen turawa ta WhatsApp, manhajar tana matse hoto ta rage masa kaifi, saboda haka ya fi kyau a tura shi a matsayin fayil.

Harafin A: daidaiton ɓangarori

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan harafi ita ce a ɗauka an zana ɗigon a takarda, sannan aka ninke takardar ta tsakiyarsa. Idan rabin ya hau kan ɗaya rabin ya rufe shi, ɗigon yana da daidaito. Ana yin wannan ninki sau biyu. Na farko a kan layin da ya bi tsawon ɗigon, na biyu a kan layin da ya gicciye shi. Sakamakon uku ne: ko ya daidaita ta layukan biyu, ko ya saɓa ta layi ɗaya, ko ya saɓa ta duka biyun. Na ƙarshen shi ne ya fi jan hankalin likita.

Dalilin da ya sa ake duba wannan yana cikin yadda ƙwayoyin ke girma. Tawadar Allah ta asali tana faɗaɗa a hankali, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, sannan ta tsaya, shi ya sa takan zama zagaye ko mai siffar ƙwai. Ƙwayoyin sankara kuwa ba su da wannan tsari. Wani rukuni yana saurin haihuwa fiye da wani, sai ɗigon ya miƙa ta gefe guda ya bar ɗayan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar siffar ƙwai a matsayin rashin daidaito. Ɗigo mai tsawo wanda rabinsa ya dace da rabinsa yana da daidaito. Kuskure na biyu shi ne duba siffar waje kawai. Ɗigo zai iya zama zagaye kamar kwabo, amma rabinsa na dama baƙi ƙirin, na hagu kuma ruwan ƙasa, ko kuma gefe ɗaya ya yi tudu ɗayan yana kwance. Wannan ma rashin daidaito ne, kuma sai an faɗe shi. Bayani mai kyau yakan ce, alal misali, “siffar ta daidaita ta layi ɗaya, amma launin ya taru a rabi guda”.

Harafin B: gefen ɗigon

A nan ana bin bakin ɗigon da ido a zagaye shi gaba ɗaya, ana neman amsar tambayoyi biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko ita ce yadda layin gefen yake tafiya: sumul yake kamar bakin faranti, ko yana da lungu da saƙo, ko haƙora irin na zarto, ko wani ɗan harshe da ya zarce sauran? Ta biyu ita ce yadda launin yake ƙarewa: ya yanke ne tsaf ta yadda za a iya bin iyakarsa da alƙalami, ko ya nashe cikin fatar da ke kewaye kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda?

Tawadar Allah da ba ta da matsala yawanci gefenta iri ɗaya ne duk zagayen. Ko dai ya yanke tsaf ko'ina, ko ya dusashe a hankali ko'ina. Abin da ake lura da shi shi ne saɓani a cikin ɗigo guda, wato wani ɓangare ya yanke da kaifi, wani kuma ya nashe, ko a samu ƙananan ɗigo da suka ɓalle suka zauna a wajen iyakar.

Don a nuna ainihin wurin da matsalar take, ana aron fuskar agogo. Ana ɗaukar ɗigon kamar agogon bango, ƙarfe 12 yana wajen kan mutum, ƙarfe 6 yana wajen ƙafafunsa. A tafin ƙafa kuwa ana iya cewa ƙarfe 12 yana wajen yatsu, muddin an faɗi haka a bayanin. Da wannan, maimakon a ce “gefen ba daidai yake ba”, sai a ce “gefen sumul ne daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 1, akwai lungu a ƙarfe 3, launin ya nashe daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 6”. Wanda bai ga hoton ba ma zai iya zana ɗigon daga wannan jimla, kuma bayan watanni za a iya komawa ƙarfe 3 a ga ko lungun ya ƙara zurfi.

Abubuwa biyu kan ɓata wannan harafi a hoto. Gashi da ya kwanta a kan gefen yakan yi kama da lungu, kuma ba a aske shi da reza a kan ɗigon, sai dai a kawar da shi gefe ko a rage shi da almakashi a hankali. Na biyu shi ne hoton da bai fito ba, wanda ke mayar da kowane gefe kamar ya nashe. Gwajin shi ne a dubi layukan rular: idan su ma sun yi hazo, laifin hoton ne.

Harafin C: launi

Tambayar a nan ita ce launuka nawa ne a cikin ɗigon, kuma yaya suka rarrabu. Duhun launi shi kaɗai ba shi ne abin tsoro ba. A jikin baƙar fata tawadar Allah takan kasance baƙa wuluk, kuma hakan daidai ne idan launin ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Haka nan ɗigon da tsakiyarsa ta fi duhu, ya yi ta haske daidai-wa-daida zuwa gefe, ba sabon abu ba ne. Abin da ake nema shi ne cakuɗuwar launuka ba bisa tsari ba.

Launuka shida ake ƙirgawa: ruwan ƙasa mai haske, ruwan ƙasa mai duhu, baƙi, shuɗi mai ruwan toka, ja, da fari. Kowanne yana da abin da yake nunawa. Baƙi da ruwan ƙasa suna fitowa ne idan sinadarin launin yana saman fata. Idan ya nutsa can ciki, fatar da ke samansa tana sa ido ya gan shi shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, kamar yadda jijiya ke bayyana a hannun farin mutum. Ja alama ce ta ƙaruwar hanyoyin jini ko kumburi. Fari kuma, wato wanda ya fi fatar da ke kewaye haske, yakan nuna wurin da garkuwar jiki ta kai wa ƙwayoyin hari ta bar tabo. Wannan farin yana yaudarar mutane, su zaci ɗigon yana warkewa, alhali a wurin likita alama ce ta a ƙara bincike.

A bayani ana lissafa launukan da sunansu, a faɗi inda kowanne yake da agogon nan, a kuma kiyasta yawan wurin da ya ci, kamar rabi ko sulusi. Launuka uku ko fiye a ɗigo guda, ko samun shuɗi, ja ko fari a cikinsa, dalili ne na kai shi gaban likita.

Launi ne harafin da hoto ya fi cin amanarsa. Wayoyi da yawa suna ƙara haske da kansu idan sun fuskanci fata mai duhu, sai baƙi ya koma ruwan toka. Ƙyallin mai ko gumi yana kwaikwayon fari. Susa ko gogar takalmi tana kawo ja na ɗan lokaci. Lalle kuma, wanda ake ƙunsawa a tafin hannu da ƙafa da farce, yana rina wurin gaba ɗaya na tsawon makonni, don haka duk hoton da aka ɗauka a kan lalle sai an faɗi haka. Ka'idar ita ce a riƙa kwatanta hoton da ainihin fatar, kuma duk launin da ke hoto amma ido bai gan shi a jiki ba, ba a rubuta shi.

Faɗi da sauyi

Iyakar da ma'aunin ya sa ita ce milimita 6, kimanin faɗin magogin da ke gindin fensir. Ana auna ɗigon ta wurin da ya fi tsawo, sannan ta gicciye. Idan rula tana cikin hoton, lissafin mai sauƙi ne. A ce an buɗa hoton a fuskar waya, aka auna aka ga milimita 10 na rular da ke hoton ta ci milimita 40 a fuskar wayar. Ke nan hoton ya ninka girman sau huɗu. Idan ɗigon ya ci milimita 36 a fuskar, sai a raba da huɗu, a samu milimita 9. Wannan iyaka ba katanga ba ce. Akan samu melanoma da ba ta kai milimita 6 ba, kuma tawadar da aka haifi mutum da ita takan wuce haka nesa ba tare da wata illa ba.

Sauyi kuwa shi ne harafin da likitoci da yawa ke ba nauyi fiye da sauran. Ya ƙunshi ƙaruwar girma, sauyin siffa ko launi, tasowar tudu, ƙaiƙayi, ɓawo, ko zubar jini. Hoto na biyu yana amfani ne kawai idan an ɗauke shi kamar na farko, da haske iri ɗaya, nisa iri ɗaya, da rula a wuri ɗaya, kuma kowanne da kwanan watansa. Inda babu tsohon hoto, ana rubuta abin da mai ɗigon ya tuna, a kuma nuna cewa tuni ne ba awo ba. Ya kamata a sani cewa mafi yawan melanoma tana fitowa ne a matsayin sabon ɗigo a fatar da ba ta da komai a da. Saboda haka sabon ɗigo a jikin wanda ya haura shekara 40 abin ambato ne ko da siffarsa ba ta da laifi.

Misali daga tafin ƙafa

A ƙaddara wani magidanci mai shekara 56 ne ɗansa ya lura da baƙin tabo a tafin ƙafarsa ta dama yayin da yake alwala. Mahaifin ya ce ya kai shekara yana ganinsa, yana zaton ƙaya ce ta taɓa sukarsa. Ɗan ya wanke ƙafar, ya zaunar da shi a bakin ƙofa da hantsi, ya ɗauki hoton ƙafar gaba ɗaya, sannan na kusa da rula da farar takarda. Bayanin da ya dace ya biyo hoton zai kasance kamar haka:

“Namiji, shekara 56. Ɗigo ɗaya a tafin ƙafar dama, kimanin santimita 3 gaban diddige, ta ɓangaren ciki. An ɗauki hoton da hasken rana, babu lalle ko mai. Ƙarfe 12 yana wajen yatsu. Siffa: ba ta daidaita ba ta layukan biyu, rabin da ke wajen yatsu ya fi faɗi. Gefe: ya yanke tsaf daga ƙarfe 8 zuwa 12, akwai lungu a ƙarfe 2, ya nashe daga ƙarfe 3 zuwa 6. Launi: uku, ruwan ƙasa mai duhu a mafi yawansa, baƙi a kusan sulusinsa wajen ƙarfe 11, da ɗan ruwan toka a tsakiya. Faɗi: milimita 9 da milimita 7. A kwance yake, babu tudu idan an shafa, ba ya ciwo, ba ya jini. Mai shi ya ce bara bai kai haka ba, amma babu tsohon hoto. Babu irinsa a ɗaya ƙafar.”

Babu kalmar sankara a wannan bayani, babu kuma “mummuna” ko “abin tsoro”, domin waɗannan hukunci ne. Ya raba abin da aka auna da abin da aka tuna. Ya ƙara abubuwan da hoto ba ya ɗauka, wato abin da yatsa ya ji da abin da mai ɗigon yake ji. Ya kuma faɗi abin da babu, wanda shi ma labari ne. Duk ma'aikacin lafiyar da ya karanta zai ga cewa haruffa huɗu sun nuna alama, na biyar ma ana zarginsa, kuma wurin da ɗigon yake wuri ne na musamman. Irin wannan ba a ajiye shi a ce za a sake ɗaukar hoto bayan wata uku. Ana neman likitan fata ko na tiyata cikin kwanaki, ko da ba ya ciwo, domin melanoma a farkonta ba ta cika yin ciwo ba.

Mai yiwuwa ne binciken ya nuna wani abu dabam. Jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata bayan gogar takalmi yana yin baƙi, amma yakan tafi cikin makonni. Akwai kuma wani naman gwari da ke yin tabo ruwan ƙasa a tafin hannu ko ƙafa. Bambance waɗannan aikin asibiti ne, kuma ba a kankare wurin da reza a gida don a gwada.

Inda ma'aunin yake gazawa

An gina ma'aunin ne a kan nau'in melanoma da ya fi yawa a jikin fararen fata, wanda ke yaɗuwa a kwance a baya, ƙirji ko ƙafafu. Cutar ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙen fata idan an kwatanta, amma idan ta zo ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba ruwansu da zafin rana kuma ba a cika dubawa ba. Wannan ne ya sa ake yawan gano ta a makare. Mawaƙin Jamaika Bob Marley misali ne da duniya ta sani. A 1977 aka gano cutar a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, bayan an fara ɗaukar ta a matsayin raunin ƙwallo, kuma ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

A ƙafa, likitoci suna ƙara wasu alamu a kan haruffan: duk tabo mai launi dabam da fata, wanda ba a san asalinsa ba, ko yake jini ko tsattsafar ruwa, ko yake girma duk da magani, ko gyambon da ya wuce wata biyu bai warke ba. A farce kuwa siffanta abin ya sha bamban, domin yana fitowa ne a matsayin baƙin layi daga gindin farce zuwa bakinsa. Irin waɗannan layuka sun zama ruwan dare a baƙaƙen fata, musamman idan siraru ne kuma a farata da yawa. Wanda ake bayyanawa da kulawa shi ne layi a farce ɗaya tak, wanda faɗinsa ya kai milimita 3 ko fiye, ko yake ƙara faɗi, ko ya fi faɗi a gindi, ko launinsa ya tsallaka ya hau fatar da ke kewaye da farcen.

Akwai kuma nau'in da ke tsallake haruffan uku gaba ɗaya. Yana fitowa kamar ƙullutu zagaye, gefensa sumul, launinsa ɗaya, wani lokaci ma ja ko ruwan hoda ba baƙi ba, kuma yana nutsawa cikin fata da sauri. Alamunsa uku ne: ya yi tudu, yana da tauri idan an taɓa, kuma yana girma babu tsayawa fiye da wata guda. A hoto zai ci jarrabawar A da B da C, shi ya sa bayanin taɓawa da na lokaci ba sa faɗuwa daga rubutun. A ɗaya gefen kuma, ƙananan baƙaƙen ƙuraje masu laushi da ke fitowa da yawa a kumatu da wuyan manya, waɗanda kan bi dangi, ba su da illa ko da siffarsu ba ta daidaita ba. Zabiya kuwa sun fi fuskantar wasu nau'o'in sankarar fata dabam, masu fitowa kamar ɓawo ko gyambo a fuska, kunne da wuya, kuma wannan ma'auni ba domin su aka yi shi ba.

Don cike wannan giɓi, likitoci suna amfani da wata dabara da wasu likitocin Faransa suka bayyana a 1998, wato neman baƙon cikin dangi. Ɗigon jikin mutum ɗaya sukan yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Wanda ya fita dabam, ko da bai karya ko harafi ɗaya ba, shi ake ware wa ido. Amfanin hoton nesa ke nan.

Abin da ke biyo bayan bayanin

A asibiti likita zai duba ɗigon da wani madubi mai fitila da ke ƙara girma kimanin sau goma, wanda ke nuna tsarin launi a ƙarƙashin saman fata. A tafin ƙafa, misali, yana duba ko launin ya bi kwarin siraran layukan fata, wanda ya fi zama alamar tawada ta asali, ko ya hau kan tudunsu, wanda ke ƙara zargi. Wayar hannu ba ta iya nuna wannan. Idan zargin ya tsaya, ana kashe zafin wurin da allura a yanke ɗigon gaba ɗaya da ɗan gefen fata, ko wani yanki nasa idan yana da girma, a aika ɗakin gwaji.

Abin da ɗakin gwaji ke aunawa shi ne zurfin da ƙwayoyin suka nutsa cikin fata, awon da likita Alexander Breslow ya bayyana a 1970. Wadda ba ta wuce milimita 1 ba yawanci tiyata kaɗai ke raba mutum da ita. Wadda ta haura milimita 4 tana cikin rukuni mafi haɗari, domin damar ta bi hanyoyin jiki ta kai wasu sassa ta ƙaru ƙwarai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan awo biyu ba ta wuce kaurin kwabo biyu ba, kuma sau da yawa watannin jira ne ke cike ta. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a kai ɗigon da ake zargi wurin wanzami, ba a ƙona shi, ba a ɗaure shi da zare ko a shafa masa mai cin fata. Yin haka yana cire abin da ido ke gani ya bar saiwar a ciki, ya kuma lalata naman da za a auna, sai likita ya rasa siffar, ya rasa zurfin, ya rage da tsohon hoto da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.